Saƙon Cika Shekara 70 Ga Hajiya Kaka

Assalamu alaikum, Hajiya Kaka. Da fatan kin wayi gari lafiya, kuma ciwon gwiwar ya yi sauƙi. Takwararki ce Zainab take rubuto miki daga Kano, a madadin dukkan jikokinki, domin mu taya ki murnar cika shekara 70 a duniya. Allah ya ƙara miki lafiya da nisan kwana mai albarka 🤲

Na san za ki ce ke ba ki san wata ranar haihuwa ba, abin da kika sani kawai shi ne an haife ki da kaka, ana cirar gyaɗa 🥜, a shekarar da Sarauniyar Ingila ta zo Kaduna. Wannan shekara ita ce 1956, kuma fasfon da kika tafi aikin Hajji da shi 🕋 ya rubuta 20 ga Oktoba, saboda haka muka riƙe wannan rana, tunda lissafinki da na takarda ba su saɓa wa juna ba.

Za ki ga na sanya 'yan hotuna a tsakanin maganata, amma ki kwantar da hankalinki, domin na zaɓe su ne ɗaya bayan ɗaya, kuma babu ko guda a cikinsu da ba ki san shi ba. Na bar waɗannan kawunan masu ruwan ɗorawa gaba ɗaya, saboda ban manta da ranar da Sadiku ya turo miki mai dariya har da hawaye ba, kika ɗauka kuka yake yi, kika kira Baba da sassafe kina salati kina tambayar wanda ya rasu. Laifin namu ne da ba mu yi miki bayani ba, kuma ni ma da na ƙura wa hoton ido na ga cewa ya fi kama da mai kuka.

Ga carbinki 📿, wanda tun muna ƙanana muke jin ƙarar 'ya'yansa daga ɗakinki kafin zakara ya yi cara 🐓, kina kiran sunayenmu a cikin addu'a, har da waɗanda suka ɓata miki rai da daddare. Ga kuma akuya 🐐, domin tunawa da jar akuyar nan da kika sayar a kasuwar Funtuwa kika cika mini kuɗin makaranta, a shekarar da damina ta yi gardama kuma Baba bai sami komai a gona ba. Kin ce kada in gaya wa kowa, na kuwa riƙe maganar shekara 12, amma yau na ga ya dace sauran jikoki su san abin da kika yi. Masarar 🌽 kuma ta gashin da kike yi mana ce a bakin murhu idan ana ruwa 🌧️, kina ba mu tatsuniya, kina kuma korar duk wanda ya miƙo hannu kafin ta gasu.

Ban sa hoton kek ba, tunda kin sha faɗa cewa kayan yara ne, kuma likita ya hana ki sukari. Na musanya miki shi da ƙwai 🥚 da kifi 🐟, waɗanda in Allah ya yarda za mu kawo miki na gaske ranar Asabar, tare da tattaɓa kunnenki Amina 👶, wadda ta fara rarrafe a makon jiya kuma ba ki gan ta ba tun ranar suna.

Allah ya ja da ranki cikin imani, ya sa ki sake ziyartar Ɗakinsa 🕋, ya jiƙan Malam da rahama, ya bar mana ke ki ga auren Amina. Amin 🤲

Idan za ki ba ni amsa, ba sai kin wahalar da kanki da rubutu ba. Ki duba ƙasan wayar ta hannun dama, za ki ga koren da'ira mai alamar makirfo, sai ki ɗora yatsanki a kai, kada ki ɗaga har sai kin gama magana, domin saƙonki na ranar Juma'a ya tsaya a kan sallama, ragowar kuma bai iso ba. Idan abin ya ƙi, ki sa Sadiku ya riƙe miki wayar bayan sallar Magariba 🌙, ni kuma zan kira ki yadda za mu ga fuskar juna.

Jikarki kuma takwararki,
Zainab