Ajiye wake ba tare da guba ba: rubutun zaman intanet na 'yan hatsin Kumasi

Masu magana: mai gabatarwa, da malamar gona. Mai kula da na'ura shi ke juya shafuka da buɗe ƙuri'a. Abin da ke cikin baka ba a karanta shi. A ajiye buhu mai riɓi uku, kwalbar gilashi, busasshen gishiri, igiya da olonka ɗaya na wake a kan tebur kafin a fara.

[A kunna ɗauka. A ƙirga uku a zuci. Shafi na 1: take.]

MAI GABATARWA: Assalamu alaikum. Iyayenmu da 'yan uwa na Asawase, Aboabo da Sabon Zango, da waɗanda suka shigo daga Nima, sannunku da zuwa. Ana ɗaukar wannan zama, don haka kowa ya rufe makirufonsa, mai tambaya ya rubuta ta. Hajiya, kafin ki fara bari mu ji ta bakin jama'a.

[Shafi na 2. A buɗe ƙuri'a ta farko, daƙiƙa 40.]

MAI GABATARWA: Da me kuke tsare wakenku daga ƙwaro? A, ƙwayar magani. B, toka ko barkono. C, buhu mai leda. D, ina sayarwa da wuri. Ku taɓa ɗaya. Ba a ganin sunan kowa, ku faɗi gaskiya.

[A yi shiru har lokacin ya cika. A nuna sakamako, mai gabatarwa ya karanta shi yadda ya fito.]

MALAMA: [Idan A ce ta yi rinjaye] Na gode da kuka faɗi gaskiya, don ku aka shirya zaman nan. [Idan wata ce] Madalla, amma duk wanda ya saro wake daga Techiman ko Bawku bai san abin da aka zuba masa a hanya ba, don haka maganar ta shafi kowa.

[Shafi na 3: ƙwayar wake an tsaga ta, tsutsa a ciki.]

MALAMA: Ku dubi hoton nan da kyau. Ƙwaron wake ba a sito yake fara shiga ba, tun daga gona yake biyo kaya. Macen takan manna ƙwanta a bayan wake, tsutsa ta ƙyanƙyashe ta huda ciki, ta ci ta girma, ta fito ta bar ɗan rami. A zafi irin namu, mako uku zuwa huɗu ya ishe ta. Shi ya sa buhun da ka duba a Nuwamba ka ga fes, kafin Fabrairu ya zama gari. Mai dafa shinkafa da wake kuwa, da ta ɗebo ta ga rami, ta wuce rumfa ta gaba.

[Shafi na 4: ƙwayar magani, da jan layi a kanta.]

MALAMA: Ƙwayar nan da ake naɗewa a tsumma a cusa cikin buhu, idan ta sha damshin iska sai ta saki hayaƙi mai guba, mai wari kamar na tafarnuwa. Aikin ƙwararru ne a rufaffen wuri. A gidajenmu na Zango, inda bango ɗaya ne tsakanin sito da ɗakin yara, tana iya kashe mutum yana barci. Don Allah kar ta kwana a gida.

[Shafi na 5: buhu mai riɓi uku.]

MALAMA: Wannan shi ne buhun PICS, masana a Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro shi. Leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje, akwai mai cin kilo 50 da mai cin kilo 100. Babu magani a jikinsa ko kaɗan. Ƙwaro yana numfashi kamar ni da kai. Idan an ɗaure, shi da kansa zai shanye iskar da ta rage, ya daina ci, ya daina haihuwa, ya bushe ya mutu. Duk abin da zan faɗa daga nan a kan abu ɗaya yake: kar iska ta samu hanya.

[A sauke shafi. Kamara ta matso kan tebur.]

MALAMA: Da farko, bushewa. Kada damshin wake ya wuce kashi 13 cikin 100. Wanda ba shi da na'urar awo, ga kwalba. Ta bushe ƙarau. A zuba wake zuwa kashi ɗaya cikin uku, a ƙara cokali biyu ko uku na gishirin da aka shanya, a rufe, a girgiza minti ɗaya, a bar ta minti 15, a sake girgizawa. [Ta ɗaga kwalbar.] Kun ga gishirin ya koma ƙasa, gilashin fes. In da ya manne a jiki, sai a mayar da waken rana. Kumasi ba Tamale ba ce, damina biyu muke yi, kuma ɗanyen wake a rufaffiyar leda fumfuna zai yi.

MAI GABATARWA: Hajiya, sai a zuba ke nan?

MALAMA: Tukuna, Malam. A sheƙe a tsince tsakuwa da kara, su ne ke huda leda. Sai a gwada kowace leda: a cika ta da iska, a murɗe baki, a danna da tafin hannu. In ta saki, akwai huji. A zuba wake kaɗan a ta farko don ta zauna, a saka ta cikin ta biyu, a saka su cikin buhun. A ci gaba da zubawa ana jijjigawa, a bar kamar taƙi ɗaya a sama. A matse iska, a murɗe bakin ledar ciki, a lanƙwasa shi biyu, a ɗaure. Ta biyu haka, buhun waje haka. Ɗauri uku, kowanne daban.

[Shafi na 6. Ƙuri'a ta biyu, daƙiƙa 30.]

MAI GABATARWA: Ga gwaji. Bayan kwana goma mai saye ya zo yana son ganin kaya. A, in soki buhun da ƙarfen ɗiban samfur. B, in kwance in sake ɗaurewa. C, in nuna masa samfurin da na ware.

[A nuna sakamako.]

MALAMA: Amsa ita ce C. Ƙarfen ya gama da leda biyu a suka ɗaya. Kwancewa kuma shayar da ƙwaro sabuwar iska ne alhali ya kusa mutuwa. A bar buhu a rufe aƙalla wata guda, wata biyu ya fi. Tun ranar zubi a ware olonka ɗaya a cikin galan mai murfi don masu saye.

[Shafi na 7: buhuna a kan katako.]

MALAMA: A ɗora buhuna a kan katako, nesa da bango, a inuwa. Ɓera ba ya cika damun buhun da ke rufe ruf, amma waken da ya zube a ƙasa yana kiran sa, don haka a riƙa shara. A gargaɗi 'yan dako kada su sa ƙugiya ko su ja buhu a ƙasa. Ledar da aka kula da ita tana sake aiki a kaka mai zuwa, bayan an sake gwada ta.

[Shafi na 8: kwalba, leda, igiya uku.]

MAI GABATARWA: Hajiya, Allah ya saka da alheri. Jama'a, tambayoyin da kuka rubuta za mu amsa su da zarar an kashe ɗauka, don haka kada ku fita. Wanda ya kalli wannan daga baya, ya kai tambayarsa ga malamin gona na yankinsa. Zama na gaba a kan masara ne. Wassalamu alaikum.

[Su biyun su ci gaba da kallon kamara, ba magana, daƙiƙa 5. A kashe ɗauka. Sai an tabbatar ta tsaya sannan a buɗe makirufon jama'a.]