Ƙwan Zabi Uku

Kwana biyu ke nan Iya Abu ba ta sa komai a bakinta ba sai ruwa. Zazzaɓin cizon sauro ne ya kwantar da ita a tsakiyar watan Agusta, lokacin da marka ta zauna, gero ya fara fitar da kai, sauro kuma ya cika kowane lungu na ƙauyensu da ke gefen hanyar Malumfashi zuwa Funtuwa. Malamin asibiti ya gwada jininta, ya ba da maganin kwana uku wanda za a riƙa sha safe da yamma, sannan ya ja kunne cewa kada ta sha shi sai ta ci wani abu. To, nan gizo yake saƙar, domin an dama mata koko ta ce yana yi mata ɗaci, an yi mata tuwo da miyar kuka ta kawar da kai, furar da ba ta taɓa mayarwa ba ma ko kallon ƙwaryar ba ta yi ba.

Ranar Alhamis da hantsi gidan ya zama babu kowa sai ita da jikanta Habibu, ɗan shekara tara. Mahaifinsa ya yi sammakon gona, mahaifiyarsa kuma ta goya ƙanwarsa ta tafi ta'aziyya ƙauyen da ke ƙetaren rafi, da niyyar ta dawo kafin rana ta take, sai ruwa ya tsinke ya tsare ta a can. Da yake Alhamis ce babu makarantar allo, ta boko kuma ana hutu, aka bar Habibu da umarni guda: ya zauna a bakin ɗakin Iya, in ta nemi ruwa ya ba ta.

Yana zaune yana kallon ruwan da ke zuba daga indararo sai ya ji muryarta can ƙasa-ƙasa.

"Maigidana, kana nan kuwa, ko ka gudu ka bar matarka?"

"Ina nan, Iya. Ruwa za ki sha?"

"Ba ruwa ba. Yau dai raina ƙwan zabi yake so."

Habibu ya miƙe zumbur, saboda ya ji da kunnensa daren jiya mahaifinsa yana cewa duk abin da Iya ta ce tana marmari a nemo mata ko nawa ne. Ya kuma san akwai ƙwan zabi guda uku a cikin ƙwaryar gero a ɗakin mahaifiyarsa, ragowar waɗanda aka saya wurin wata Bafulatana mai tallar nono. Abin da bai sani ba shi ne yadda ake dafa su. Bai taɓa hura wuta ba, bai taɓa ɗora tukunya ba, iyakarsa da madafi ya leƙa ya karɓi kwanonsa ya fita, kuma ya san idan abokansa suka ji labarin an gan shi a gindin murhu, har kaka ta wuce ba za su bar shi ya sha iska ba. Ya leƙa zaure, ya ga babu kowa a waje sai ruwa, sannan ya dawo ya ce, "Iya, ki faɗa mini yadda ake yi, ni zan dafa miki."

Iya ta yi wata 'yar dariya da ta ƙare da tari. Ta ce ya ja mata labulen ƙofa gefe ɗaya yadda za ta riƙa hango rumfar girki daga kan gado, ya kuma kawo ƙwan tare da ruwa a ƙwarya. Da ya kawo, ta sa shi ya saka su cikin ruwan ɗaya bayan ɗaya, a hankali. Biyu suka nutse suka kwanta a ƙasan ƙwaryar, na ukun kuwa ya taso sama yana lilo.

"Wannan baragurbi ne," in ji ta. "Ƙwai in ya daɗe iska ce take taruwa a cikinsa, shi ya sa yake tasowa. Ka kai shi bayan gida ka jefar da nisa, kada ka yarda ya fashe a tsakar gidan nan, in ba haka ba warinsa sai ya kore mu."

Saura biyu ke nan.

Wuta ce ta fi ba shi wahala. Ya tona tokar murhu bai sami ko garwashi ɗaya da rai ba, itacen da ke jingine a bakin rumfa duk feshin ruwa ya jiƙa shi, ashanar kuma ta sha sanyi, duk wadda ya ƙyasta sai kanta ya marmashe. Sai da ya ɓata tsinke shida kafin Iya ta ce ya bari haka nan, ya ɗauki tsohon murfin kwano ya shiga gidan Ladi maƙwabciyarsu ya ɗebo wuta, a hanyarsa ta dawowa kuma ya zaro busasshen kara daga ƙarƙashin rumbu, inda ruwa ba ya kaiwa. Ya yafa buhu a ka ya fita da gudu, ya dawo yana kāre garwashin da jikinsa. Ya kakkarya karan ya jera a kan garwashin kamar yadda ta ce, ƙanana a ƙasa manya a sama, ya durƙusa yana hurawa da baki har hayaƙi ya cika masa ido, hawaye da majina suka haɗu. Yana gab da cewa ya gaji sai karan ya yi ƙara, harshen wuta ya tashi. Ya waiwaya wajen ɗakin don ya ga ko Iya ta gani, sai ya tarar ta lumshe ido, barci ya ɗan ɗauke ta.

Bai so ya tashe ta ba. Ya tuna ta ce a sa ƙwan tun ruwa yana da sanyi, domin in aka jefa shi cikin tafasasshen ruwa yakan tsage, don haka ya zuba ruwa a ƙaramar tukunya har ya rufe ƙwan biyu, ya daidaita ta a kan duwatsun murhu, ya tsuguna yana jira. Da ruwan ya fara tafasa, ƙwan suna bugun gindin tukunya, sai ya ɗauka aiki ya ƙare. Ya sa ludayi ya tsamo guda, ya buga shi da dutsen murhu. Ɓawon ƙwan zabi yana da tauri, bugu na farko bai yi masa komai ba, da ya ƙara ƙarfi a na biyu sai ƙwan ya fashe gaba ɗaya, zafi ya sa ya sake shi, gwaiduwar da ko kamawa ba ta yi ba ta malale cikin toka.

Habibu ya tsaya yana kallon tokar, wani abu ya tokare masa maƙogwaro. Ƙarar faɗuwar ludayi ce ta farkar da Iya.

"Me ya faru, maigida?"

"Na ɓata ɗaya, Iya. Bai dahu ba." Muryarsa tana rawa.

"Ɗayan fa?"

"Yana cikin tukunya."

"To, ai ba mu yi asara ba tukuna. Ni ranar da na fara tuƙa tuwo a gidan kakanka, ko karen gidan bai ci ba. Tafasar ruwa ba ita ce dahuwar ƙwai ba, daga nan ne ma ake fara lissafi. Ina ka kai a allo?"

"Walfajri."

"Madalla. Ka zauna nan ka ɗauko mini daga Nasi har zuwa Walluha, da ƙarfi yadda zan ji, kuma ban da gaggawa. In ka kai, ƙwai ya dahu. Uwarka agogon waya take dubawa ta ce minti 10, ni kuwa da wannan na saba tun ina yarinya."

Ya gyara zama a kan turmin da aka kifa, ya yi bisimilla ya fara, yana yi yana tura kara cikin murhu duk lokacin da wutar ta yi ƙasa. Gajerun surorin suka wuce kamar ruwa. Da ya zo Lam yakun, wadda ta sha jawo masa bulala a makaranta, sai ya cije a tsakiya, ya koma farko, ya sake cijewa a wuri guda. Daga cikin ɗaki muryar Iya ta ɗora masa ayar, a raunane amma babu kuskure ko ɗaya, ya kama daga nan ya wuce. Kafin ya kai Walluha ruwan sama ya tsagaita, na tukunya kuma ya ragu har saman ƙwan ya fara leƙowa.

A wannan karo bai yi garaje ba. Ya tsamo ƙwan da ludayi ya saka shi cikin ƙwaryar ruwan sanyi daga randa, saboda Iya ta ce hakan ne yake sa ya huce, ɓawon kuma ya saki ba tare da ya ɗebo naman ƙwan ba. Sannan ta sa ya kawo faranti ya murza ƙwan a kai da yatsu biyu. Ƙwan ya yi ta juyawa da sauri kamar katantanwa.

"Ka gani? Ɗanye ba ya juyawa haka, sai ya yi ta tangaɗi kamar tsohuwa mai zazzaɓi. Ɓare mini."

Ya ƙwanƙwasa shi a bakin faranti ta kowane gefe, ya fara ɓarewa daga gindi mai faɗi. Bai fita sumul ba, domin farcensa ya ƙwaƙule farin a wuri biyu, amma da ya raba shi gwaiduwar ta tsaya cak, rawaya har tsakiya. Ya ɗebo gishiri da ɗan yajin ƙuli a murfin kwano, ya tallafa wa Iya ta tashi zaune, ya sa mata matashi a baya.

Ta gutsuri kaɗan, ta daɗe tana taunawa, Habibu kuwa idonsa yana kan bakinta. Ta ƙara gutsura. Sai da ta cinye rabi da ɗan ƙari sannan ta ce ya miƙo mata maganin da moɗar ruwa, ta haɗiye, ta jingina tana mayar da numfashi, zufa tana tsattsafo mata a goshi. Ragowar ta tura masa.

"Naki ne, Iya."

"Karɓi. A zamaninmu cewa ake yi yaron da ya saba cin ƙwai ɓarawo zai zama, shi ya sa har aka yi mini aure ban san ɗanɗanonsa sosai ba. Da na girma na lura manyan da suke faɗar haka su ne suke cinyewa."

Yana cikin lasar yajin da ya rage a yatsa aka yi sallama a zaure. Mahaifiyarsa ce, zaninta a jiƙe har gwiwa. Ta tsaya a tsakar gida tana duban hayaƙin da ke fita daga rumfa, da tsinkayen ashana a warwatse, da gwaiduwar da ta bushe cikin toka, sannan ta dubi ɗanta da baƙin tukunya a goshi da kumatu.

"Wa ya taɓa mini murhu?"

"Mijina ne," in ji Iya daga kan gado. "Ki bar shi. In Bafulatanar nan ta biyo gobe, ki saya mini guda biyar, kuma shi zai dafa."