Ƙorafi kan mai sayar da jabun kayan lantarki, oda mai lamba 48213

Tahoua, Laraba 16 ga Afrilu, 2025

Zuwa ga sashen karɓar koke-koken masu saye,

Assalamu alaikum. Ni mai ɗaukar hoto ne a unguwar Sabon Gari, nan Tahoua, da bikin aure da na suna nake ci da iyalina. Na kawo ƙarar mai shago lamba 7716 a kasuwarku, wanda ya rubuta cewa a Yamai yake. Ran Litinin 7 ga Afrilu na sayi kaya uku a wurinsa: katin memuwar mai 128 GB a jaka 9, fawa-banki mai 20,000 mAh a jaka 14, da cajar Samsung mai 25W a jaka 7. Jaka 30 ke nan na sefa, sai jaka 2 kuɗin mota. Kayan sun iso tasha ran Alhamis 10 ga wata. Duka ukun jabu ne, kuma ba kuskuren masana'anta ba ne, da gangan aka haɗa su don cuta.

Na haɗo hotuna 11, kowanne da lambarsa a sunan fayil. Don Allah ku riƙa buɗe su bi da bi kuna karantawa.

Hoto na 1 da na 2, talla da biya. Na 1 shi ne tallarsa kamar yadda take a shafinku ranar da na saya, inda ya rubuta kaya na asali ne, da garanti na wata shida. Na 2 takardar aika kuɗin ce, da kwanan wata da sa'a.

Hoto na 3, ƙunshin kafin in kwance shi, a kan bencin tasha, lambar odar tana rubuce a jikin kwalin da hannunsa.

Hoto na 4 zuwa na 6, katin memuwar. Nan ne aka fi cutata. Ran Asabar 12 ga wata na ɗauki hotunan wani suna, tun daga yankan rago da safe har taron mata da marece. Kamara ba ta yi gardama ba ko sau ɗaya, tana ta nuna mini akwai sauran wuri. Da dare na sa katin a kwamfuta: hotunan safe suna buɗewa lafiya lau, daga wajen azahar kuwa sunan fayil yana nan, girmansa yana nan, amma in ka danna sai toka-toka ko baƙi ƙirin. Shi ne hoto na 4. Cikin hotuna 640, guda 290 kawai suka tsira. Wanda kakar jaririyar ta riƙe ta yana cikin waɗanda suka tafi, kuma tsohuwar daga Abalak aka zo da ita, ta riga ta koma.

Washegari na kwashe abin da ya rage, na auna katin da H2testw, manhajar da take cika kati da bayanai sannan ta sake karanta su ta ga abin da ya zauna da gaske. Hoto na 5 sakamakon ne:

```
The media is likely to be defective.
7.4 GByte OK
111.6 GByte DATA LOST
```

Wato katin 8 GB ne aka sauya wa bayanin ciki don ya riƙa gaya wa waya da kamara cewa shi 128 ne. Da ya cika, duk abin da aka ƙara zuba masa kamar zuba ruwa ne a rariya. Kati ba ya lalacewa ta wannan hanya shi kaɗai, sai an zauna an yi masa aiki. Hoto na 6 bayan katin ne kusa-kusa, rubutun ya kankare da na goga da farce.

Hoto na 7 zuwa na 9, fawa-banki. Batirin salulata 5,000 mAh ne. Ko an cire abin da ke tafiya a zafi wajen caji, mai 20,000 na ƙwarai ya kamata ya cika ta sau biyu da wani abu. Wannan ya kwana a wuta, na jona salular tana 12 cikin ɗari, ya mutu tana 41. Hoto na 7 fuskar wayar ce kafin da bayan, da agogo a sama. Abin da ya ruɗe ni nauyinsa, don a hannu sai ka rantse na gaske ne. Na kai wa mai gyaran salula a babbar kasuwa, ya girgiza shi a kunne, ya yi dariya ya ce, "Malam, Sahara ka saya." Ya ɓalle murfin a gabana. Batura shida ne a jere, irin dogayen nan masu lamba 18650, amma biyu kawai ke da waya a jiki, kowanne an buga masa 1200 mAh. Sauran huɗun gwangwani ne. Ya huda ɗaya da kusa, rairayi ya zubo kan tebur. Hoto na 8 cikin ne a buɗe, na sa jar alama a kan biyun da ke aiki. Na 9 rairayin ne a kan farar takarda. A Tahoua dai ba mu rasa rairayi ba, balle a aiko mana da shi daga Yamai a jaka 14.

Na san mai sayarwar zai ce na buɗe kaya, garanti ya faɗi. Shi ya sa na sa yaron mai gyaran ya ɗauki bidiyo tun kafin a taɓa murfin, ba yankewa. In kuna so zan turo.

Hoto na 10, cajar kusa da ta asali da ta zo da wayata. Ku dubi rubutun, ya yi kauri ya karkace, kuma a sikeli ta fi tawa sauƙi nesa ba kusa ba. Minti 20 a soket ta yi zafin da ba ta riƙuwa, tana warin ƙonannar roba. Ban sake jona ta ba. Da zafin watan nan na Afrilu, ga yara suna kwana kusa da soket, wannan ta wuce maganar kuɗi.

Hoto na 11, hirarmu. Na rubuta masa ran Litinin 14 ga wata cikin mutunci, na tura masa hotunan. Ya ce haka aka kawo masa daga waje, kuma kaya in ya fita ba ya dawowa. Da na tuna masa garantin da ya rubuta, sai ya toshe lambata. Yau da safe na duba, tallar tana nan, har ya rage jaka ɗaya a farashin katin.

Abin da nake nema: a mayar mini da jaka 32 ɗina cif. A sauke tallan kayan nan uku yau, a dakatar da shagon har ku gama bincike. Kuma tunda kuna da jerin waɗanda suka saya a wurinsa, ku aika musu saƙo su kwashe abin da ke cikin katinsu tun bai cika ba, su daina amfani da cajar. Mai katin ba zai gane ba sai ya wuce 8 GB, wani ma sai bayan watanni. Jaka 25 da na mayar wa maigidan suna ban sa a lissafi ba, amma ina so ku rubuta ta a fayil ɗin mai shagon nan.

Kayan suna wurina cikin kwalinsu, ba zan mayar wa mai shagon ba don kada su koma kasuwa. In wakilinku zai karɓa ya ba ni takarda, a shirye nake. Ina jiran amsa a rubuce ta asusuna zuwa Laraba 23 ga Afrilu. In shiru, zan kai kayan da hotunan nan ofishin ƴan sanda na Tahoua.

Na gode.

Mai oda lamba 48213,
Sabon Gari, Tahoua