Gayyatar Ɗaurin Aure

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jin ƙai.

Iyalan marigayi Alhaji Haruna Ɗanladi Isma'ila, Allah Ya jiƙansa da rahama, ƙarƙashin jagorancin babban ɗansa kuma mahaifin ango, Mai Shari'a Abdulƙadir Haruna Ɗanladi mai ritaya, da mai ɗakinsa Hajiya Rabi Abdulƙadir, tare da iyalan marigayi Malam Jibrin Yakubu Tanko, mahaifin amarya, Allah Ya kai haske kabarinsa, suna farin cikin gayyatar ku zuwa ɗaurin auren 'ya'yansu,

Injiniya Mustafa Abdulƙadir Haruna

da

Dakta Zainab Jibrin Yakubu.

A ɓangaren amarya, wanda ke tsaye a madadin mahaifinta shi ne ƙaninsa, Farfesa Lawal Yakubu Tanko, baffanta kuma waliyyinta, wanda ya riƙe ta a gidansa tun tana 'yar shekara 9, kuma shi da kansa ya nemi a sa sunan yayan nasa a gaba da nasa a wannan kati, domin a cewarsa amana aka bar masa, uban 'ya kuwa yana nan da sunansa ko bayan ransa. Suna gayyatar ku tare da mahaifiyar amarya, Hajiya Asma'u Jibrin, da kuma Hajiya Binta Lawal, wadda ta raine ta tare da 'ya'yan cikinta ba tare da nuna bambanci ba. A ɓangaren ango, baffansa Alhaji Garba Haruna Ɗanladi ne zai karɓi auren a matsayin wakili.

Za a ɗaura auren, in Allah Ya yarda, ranar Asabar 19 ga Disamba, 2026, cikin watan Rajab na shekarar 1448 bayan Hijira, da ƙarfe 11 na safe, a ƙofar gidan Farfesa Lawal Yakubu Tanko, gida mai lamba 14 a Layin Makaranta, bayan Babban Masallacin Juma'a. Ana roƙon a zo a kan lokaci.

Muna neman afuwar kakanni, da kawunnai, da gwaggwanni, da sauran iyaye na ɓangarorin biyu waɗanda sunayensu ba su fito a nan ba. Ƙarancin wuri ne ya jawo haka, kuma wannan gayyata da yawunsu aka yi ta. Haka nan idan an yi kuskure a rubutun wani suna, ko an tsallake wani muƙami, muna fatan a yafe mana. Wanda uzuri ya hana shi zuwa, ya sa ango da amarya a addu'a, ya kuma tuna da iyayenmu da suka riga mu gidan gaskiya.

Allah Ya ba da ikon zuwa, Ya mai da kowa gidansa lafiya, amin.

Mai Shari'a Abdulƙadir Haruna Ɗanladi mai ritaya, a madadin iyalan ango

Farfesa Lawal Yakubu Tanko, a madadin iyalan amarya