Wasiƙar Neman Shaidar Kammala Biyan Bashi da Sakin Takardun Jingina

Injin Casar Shinkafa,
Hanyar Zariya, Kura,
Jihar Kano.
24 ga Maris, 2025.

Zuwa ga Manajan Reshe,
Reshen Titin Murtala Mohammed,
Kano.

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe.

NEMAN TAKARDAR SHAIDAR KAMMALA BIYAN BASHIN MURABAHA NA ₦24,480,000 DA SAKIN TAKARDUN DA NA JINGINAR

Bayan gaisuwa da fatan ana shan ruwa lafiya, ni ne mai asusun ajiya da lambarsa ta ƙare da 4417, kuma mai asusun bashi da lambarsa ta ƙare da 0952, duka a wannan reshe naku. Ina sanar da ku cewa na gama biyan bashin da ke kaina, ina kuma roƙon ku tabbatar mini da haka a rubuce, ku mayar mini da takarduna, sannan ku soke rajistar jinginar a duk inda kuka shigar da ita.

Kamar yadda yake a yarjejeniyar da muka sa wa hannu ranar 14 ga Maris, 2022, banki ya sayi injin casar shinkafa da injin cire tsakuwa da janareta a kan ₦18,000,000, ya sayar mini da su a kan ₦24,480,000, wato an ɗora ribar ₦6,480,000. An raba kuɗin wata 36, kowane wata ₦680,000. An ciri na farko ranar 14 ga Afrilu, 2022, na ƙarshe kuma ranar Juma'a, 14 ga Maris, 2025, kuma saƙon cirewar ya shigo wayata a ranar. Biya ɗaya ne ya makara, na watan Agustan 2023, wanda ya shiga ranar 23 ga wata maimakon 14. Tarar jinkirin ta ₦6,800 an cire ta washegari, kuma tana nan a bayanin asusun da na haɗo da wannan wasiƙa. A lissafina ko kwabo bai rage ba.

Idan lissafinku ya saɓa da nawa, ku aiko mini da bambancin a rubuce, da kwanan wata da dalilin kowane kuɗi, kafin a ci gaba da komai. Ina jaddada wannan ne saboda ɗan ragowar da ba a lura da shi ba, kamar kuɗin saƙon waya ko wani caji da ya faɗa kan asusun bashi bayan biya na ƙarshe, shi ke hana na'ura rufe asusu. Naira ɗari biyu ma ta isa. Idan ta haura kwana 90 ba a share ta ba, sai a lissafa bashin cikin waɗanda suka lalace, mai shi kuwa yana gida bai sani ba, sai ranar da ya je neman wata hulɗa a wani banki. Na bar ₦25,000 a asusun ajiya saboda irin wannan. Kada a taɓa ta sai an sanar da ni abin da za a cira.

Takardar shaidar da nake nema ta kasance a kan takardar banki mai tambari, da sa hannun jami'ai biyu masu izini da hatimi. Ta ambaci cikakken sunana yadda yake a BVN, lambar asusun bashin, jimillar kuɗin, ranar biya na ƙarshe, ta kuma faɗa ƙarara cewa banki ba ya bina komai a kan wannan yarjejeniya, uwar kuɗi ko riba ko tara ko caji. Ina roƙon kada a sa wani sharaɗi irin "sai an kammala bincike", domin takarda mai irin wannan wutsiya ba ta wanke mutum a gaban wani banki. A haɗo da cikakken bayanin asusun bashin tun daga ranar da aka buɗe shi har zuwa layin da ya nuna sifili.

Takardun da na danƙa wa sashen bashi ranar 10 ga Maris, 2022, waɗanda aka ba ni rasidin karɓarsu, su ne:

1. Ainihin takardar shaidar mallakar fili ta gidana da ke Hotoro, mai lambar da ta ƙare da 2086, tare da taswirar safiyo da ke liƙe a cikinta.
2. Ainihin takardar cinikin gidan, wadda aka yi wa rajista, da takardar amincewar Gwamna ta lokacin cinikin.
3. Rasidan harajin fili na 2019 zuwa 2021, guda uku.
4. Ainihin rasidan sayen injinan biyu da na janareta, da takardun garantinsu.
5. Cek guda shida da na sa wa hannu ba kwanan wata, daga mai lamba 000231 zuwa 000236.
6. Fom ɗin mutum biyu da suka tsaya mini, da hotunansu da kwafin katinsu na shaida.

Ina son a ƙirga su a gabana, a duba kowace da rasidin karɓa. Takardar fili ta zo da shafukanta cikakku, kuma taswirar na ciki, domin idan ta ɓalle ta ɓata, samo wata sai an koma ofishin safiyo. Cek ɗin kuma hannu da hannu nake so a ba ni su. Faɗin cewa an yaga su ba zai wadatar ba. Idan har an riga an lalata su, a rubuta haka tare da lambobinsu, a kuma sa umarnin hana biya a kan kowanne. Na san ba a reshe ake ajiye ainihin takardun fili ba, sai an nemo su daga hedikwata, shi ya sa nake roƙon a tura buƙatar tun wannan mako, kada a jira sai an gama sauran aikin.

Sai batun jinginar gidan, wanda ya fi komai muhimmanci. Mayar mini da takardar fili kaɗai bai warware jingina ba. An yi ta ne da amincewar Gwamna kamar yadda sashe na 22 na Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ya tanada, aka buga mata hatimin haraji, aka shigar da ita rajistar filaye ta Jihar Kano. Muddin ba a shigar da takardar sakin jingina a wannan rajista ba, duk lauyan da ya je binciken fayil ɗin zai tarar gidan yana hannun banki, ko da takardar tana cikin akwatina. Ba zan iya sayar da shi ba, ba zan iya jinginar da shi wani wuri ba, kuma idan ta Allah ta kasance magada ne za su sha wahalar bin sawu.

Don haka ina roƙon sashen shari'a na banki ya shirya takardar sakin jingina, ainihi kwafi huɗu, da sa hannun waɗanda banki ya ba izini da hatiminsa. A tabbata ta ɗauko lambar rajistar jinginar daidai, wato lamba da shafi da kundi, da lambar takardar filin, da sunana harafi da harafi yadda yake a takardar fili. A takardar fili an rubuta sunan mahaifina da "h" a ƙarshe, a asusun banki kuwa babu, kuma bambancin harafi ɗaya yakan sa ma'aikatan rajista su dawo da takarda a sake ta daga farko. Ku ba lauyana daftarin ya duba kafin a sa hannu. Ku kuma bayyana mini ko lauyan banki ne zai kai ta rajista ko nawa. Idan akwai kuɗin hatimi da na rajista da yarjejeniya ta ɗora mini, a ba ni adadinsu a rubuce, in biya da rasidin gwamnati.

Injinan ma an yi musu rajista da lambobin jikinsu a rajistar kadarorin jingina ta ƙasa da ke ƙarƙashin Babban Bankin Najeriya, bisa dokar jinginar kadarori masu motsi ta 2017. Wannan wasiƙa ita ce buƙatata ta a soke rajistar, kuma a ba ni kwafin shaidar sokewa. Haka nan ku rubuta wa kamfanin takaful cewa banki ya cire hannunsa daga inshorar gidan da ta injinan, domin har yanzu sunan banki ne a matsayin wanda za a fara biya idan gobara ko wata asara ta auku.

A ɓangaren na'ura, ina roƙon a dakatar da umarnin cirar ₦680,000 na kowane wata kafin 14 ga Afrilu, a ɗage duk wani riƙo da aka sa wa asusun ajiyata, a kuma soke izinin GSI da na sa wa hannu, wanda ya ba banki damar cirar kuɗi daga asusuna na wasu bankuna ta hanyar BVN. A gyara bayanina a CRMS, rajistar masu cin bashi ta Babban Banki, da kuma kamfanonin tattara bayanan bashi, wato CRC da FirstCentral da CreditRegistry, ya nuna an biya an rufe. Zan nemi rahotona daga wurinsu a ƙarshen watan Mayu in gani ko gyaran ya shiga.

Mutum biyun da suka tsaya mini kowannensu a rubuta masa tasa takardar sallama da sunansa. Ɗayansu ma'aikacin gwamnati ne da zai yi ritaya a bana, yana so ya san ba wani nauyi da ya rage a kansa.

Ina fatan samun takardar shaida da bayanin asusu zuwa ranar Litinin, 7 ga Afrilu, 2025, sauran takardun da takardar sakin jingina kuma zuwa 30 ga Afrilu, na yi la'akari da hutun Sallah da ke tafe. Idan wani abu zai ja lokaci fiye da haka, ku sanar da ni dalili da ranar da zai samu, tare da jami'in da ke riƙe da fayil ɗin. Ku ba wannan buƙata lambar bibiya kamar yadda ake ba kowane koke. Idan mako biyu suka wuce babu amsa, zan miƙa maganar ga Sashen Kare Haƙƙin Abokan Hulɗa na Babban Bankin Najeriya, ko da yake yadda muka yi hulɗa tsawon shekara uku ban ga alamar za a kai can ba.

Ni da kaina zan zo karɓar takardun, da katina na ɗan ƙasa da ainihin rasidin karɓa, lauyana kuma zai rako ni. Kada a miƙa su ga kowa da sunana, ko ɗan'uwa ko yaron shago, kuma kada a aiko su ta gidan waya ko ɗan aike. A kira ni a lambar wayar da ke haɗe da asusuna kwana biyu kafin ranar.

Na kawo wasiƙar kwafi biyu. Ina roƙon a buga wa ɗaya hatimin karɓa da kwanan wata a mayar mini.

Na gode. Allah ya ƙara ɗaukaka.

Naku,
Mai asusun bashi mai lambar da ta ƙare da 0952,
Injin Casar Shinkafa, Kura.

Abin da aka haɗo: kwafin yarjejeniyar murabaha ta 14 ga Maris, 2022, kwafin rasidin karɓar takardu na 10 ga Maris, 2022, bayanin asusun ajiya daga Afrilu 2022 zuwa Maris 2025, kwafin katin ɗan ƙasa.

Kwafi zuwa ga: Shugaban Sashen Bashi, Sashen Shari'a, Hedikwata, lauyana.