Wasiƙa zuwa ga mai kawo mana gari: buhun nan masara ce zalla ko da alkama a ciki?

Talata, 14 ga Oktoba, 2025

Zuwa ga Alhaji Sani,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da yaran sito baki ɗaya. Ya kasuwa? Allah ya ƙara buɗi.

Na rubuto ne a kan kayan da direbanka ya sauke mana ranar Asabar, 11 ga wata, masu rasit mai lamba 0417: buhu huɗu na garin masara, kowanne kilo 25. Uku daga ciki ba ni da magana a kansu. Irin waɗanda ka saba aiko mana ne, da tambarin masu niƙa, da ɗinkin inji, da lambar rukuni a gindin buhu. Na huɗun ne ya tsaya mini a rai, kuma tambayata a kansa guda ɗaya ce: garin da ke ciki masara ce zalla, ko akwai alkama a ciki, komai ƙanƙantarta?

Ga abin da na gani. Buhun kansa na fulawa ne da aka juya cikinsa waje, idan aka ɗaga shi a haske ana hango tsohon rubutun da zanen zangarniyar alkama. Bakinsa ɗinkin hannu ne da baƙin zare, an rubuta "masara" da alƙalamin maka a gefe, babu lambar rukuni, babu ranar niƙa, babu sunan wanda ya niƙa. Da na farke kusurwa ɗaya na ɗebo, sai na ga garin ya ɗan fi na sauran ukun laushi. Na sauran idan ka murza shi tsakanin yatsu kana jin ɗan tsaki-tsaki, wannan kuwa sumul yake, kuma idan na damƙe shi a tafin hannu yakan ɗan dunƙule kafin ya warwatse. Na san wannan ba hujja ba ce. Farar masara da aka surfa da kyau, aka niƙa ta lilis, aka tankaɗe da rariya mai laushi, za ta iya fitowa haka. Shi ya sa nake tambaya maimakon in yanke hukunci.

Kada ka ga kamar na cika tsanani, Alhaji. Cikin ɗaliban kwana da nake dafa wa abinci akwai yarinya 'yar shekara 9 da likita ya tabbatar tana da cutar siliyak. Masu wannan lalura jikinsu ba ya jituwa da gulutin, wato sinadarin da ke sa kwaɓin fulawa danƙo har burodi ya tashi ya riƙe iska. Ana samunsa a alkama da sha'ir da hatsin rai, masara kuwa ba ta da shi. Idan mai siliyak ya ci, garkuwar jikinsa ce ke juyowa ta far wa bangon ƙaramin hanjinsa, ta shafe 'yan ƙananan tsirrai da ke tsotse amfanin abinci. Daga nan sai gudawa, kumburin ciki, ƙarancin jini, yaro ya ƙi girma alhali yana ci. An ƙiyasta kusan mutum 1 cikin 100 a duniya na da ita, da yawansu ba su ma sani ba. Ba ta da magani sai ƙauracewa duk abin da ke da gulutin har tsawon rai. Wuta ba ta kashe gulutin, don haka ba a cewa ai za a dafa. Tankaɗe ma ba ya raba shi da gari.

Iyayen yarinyar nan sun damƙa mana ita bisa amana, da takardar likita a hannu, ni kuma na yi musu alkawarin tukunyarta daban, muciyarta daban, garinta daga buhun da na tabbatar da shi. Saboda ita ne ma muka mai da yawancin girkin ɗakin kwanansu na masara, don kada kullum a riƙa ware ta gefe da kwano ita kaɗai, abin da ke da ciwo ga yaro fiye da yadda manya ke zato.

Abin da ya fi ba mutane mamaki shi ne ƙanƙantar adadin. Hukumar Kodeks, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya suka kafa a 1963, ta sa iyaka: ba a kiran abinci marar gulutin sai in abin da ke cikinsa bai wuce miligiram 20 a kowane kilo ba. Ka lissafa da buhunmu na kilo 25, rabin giram ke nan kacal. Fulawa kuwa kusan kashi ɗaya cikin goma nata gulutin ne, ka ga giram 5 zuwa 6 na fulawa, abin da bai cika babban cokali ɗaya ba, ya isa ya kai buhun gaba ɗaya bakin iyaka. To, buhun fulawa da aka zazzage, ko an kakkaɓe shi an juya, kai ka fi ni sanin abin da ke maƙalewa a saƙarsa da kusurwoyinsa.

Na yi ɗan gwajin da ake yi a kicin. Na kwaɓa kofi ɗaya na garin da ruwa, na bar shi ya huta, sannan na wanke shi a hankali cikin kwano. Kwaɓin fulawa idan aka yi masa haka, farin sitaci yakan tafi da ruwa ya bar wani curi mai danƙo kamar cingam. Wannan bai bar curi ba, ya narke ya bi ruwa, sai wasu 'yan zare-zare da suka maƙale a rariya waɗanda za su iya zama dusa. Iyakar abin da gwajin ya nuna mini shi ne buhun ba fulawa zalla ba ce, kuma ba rabi da rabi ba ne. Cokali ɗaya cikin kilo 25 kuwa, babu hannu ko ido ko harshen da zai gane shi. Sai ɗakin gwaji, ko kuma bakin wanda ya san inda garin ya biyo. Na biyun ya fi sauri, kuma yana hannunka.

Don haka ina roƙon ka bincika mini waɗannan. Wa ya niƙa garin wannan buhu, masu niƙan da ka saba ɗaukowa a wurinsu ne, ko cikon kaya aka yi daga wani wuri da aka ga ba su kai huɗu ba? An haɗa shi da fulawa ko samolina da gangan? Na san wasu na yin haka don gari ya ƙara danƙo da kyan gani, wasu masu saye ma haɗin suke nema, ba zamba ba ne idan an faɗa. Ka lura samolina ma alkama ce, domin na sha jin ana cewa "babu fulawa, ɗan samolina ne kawai". Idan ba a haɗa ba, injin da ya niƙa shi yana niƙa alkama ko sha'ir? In yana yi, me aka niƙa kafin masarar nan, kuma an kwance injin an share, ko an ɗora ne kawai a kai? Sai buhun: sabo ne da ba a taɓa zuba komai ba, ko an yi amfani da shi? A ƙarshe, a sitonka aka juye garin daga wani buhun da ya yage? In haka ne, da wane kwano aka ɗiba, kuma akwai buɗaɗɗen buhun fulawa a kusa?

Wannan ta ƙarshen ita na fi zato, in faɗa maka gaskiya. Buhu ya fashe wajen lodi, yaro mai himma ya ɗauko wanda ya gani babu komai a ciki, ya juye, ya ɗinke, don kada kayan makaranta su makara. In haka abin ya faru, don Allah kada a yi wa yaron faɗa. Ga kowane mai saye ban da mu, abin da ya yi daidai ne. Ka tambaye shi da lalama, don wanda ke tsoron faɗa zai ce maka "masara ce wallahi", kuma bai yi ƙarya ba, sai dai ba amsar tambayata ba ke nan. Na yarda masara aka zuba. Abin da nake son sani shi ne ko alkama ta taɓa ta a hanya.

Idan ka bincika ba ka samu tabbaci ba, ka rubuto mini "ban tabbata ba". Wannan amsa ta ishe ni, kuma na fi son ta a kan a kwantar mini da hankali da abin da ba a gani da ido ba. Ba za ta rage komai a cinikinmu ba.

A yanzu na ɗaure bakin buhun, na sa shi cikin babbar leda, na fitar da shi daga inda muke ajiye kayan yarinyar, ko cokali ba a girka daga ciki ba. Idan da alkama a ciki, ko ba a tabbata ba, ina so direbanka ya zo da wani a madadinsa, mai ɗinkin inji da lambar rukuni, ya tafi da wannan. Ba a taɓa shi ba sai kofin da na yi gwaji da shi da wani kofin da na ajiye a kwalba, ko da iyayen za su so a kai ɗakin gwaji. Idan kuma mayarwar za ta zame maka wahala, zan iya karɓarsa a girkin malamai, mu rubuta shi a haka, amma duk da haka ina buƙatar buhu na huɗu mai tabbas.

Tunda magana ta zo, ka taimaka ka tambayar mini masu niƙan sauran buhu ukun ko injinsu na masara ne kaɗai. Tambarinsu ya ce masara, amma bai ce komai a kan injin ba. Idan za su ba da amsar a rubuce, da sa hannu, zan sa ta a fayil ɗin yarinyar, domin iyayenta na zuwa ziyara ranar Lahadi kuma mahaifiyarta ba ta zuwa ba ta tambaya ba. Daga yanzu kuma ina roƙon a rubuta a littafin oda, a gaban sunanmu: masara zalla, sabon buhu, ba a juyewa, kuma kada a jera shi ƙarƙashin buhunan fulawa a mota.

Ragowar tsohon garin da nake girka mata da shi zai kai mu Juma'a. Don haka ina fatan samun amsarka kafin yammacin Alhamis, 16 ga wata, a rubuce, ko da layi biyu ne a bayan rasit. Idan ka fi son ka turo wani ya ga buhun da idonsa, ina kicin kullum daga ƙarfe 7 na safe zuwa 2 na rana.

Na gode da haƙurin karanta doguwar wasiƙa. A gaida mutanen gida. Allah ya bar zumunci.

Wassalam,

Hajiya Rabi
Shugabar kicin, sashen ɗaliban kwana