Kamfani ya yi wa gari aiki: hakki ne ko talla?

A unguwarmu nan Maraɗi wani kamfani ya taɓa gina foraj, ya kafa ƙaton allo da sunanshi a jiki. Shekara biyu mata suna ɗibar ruwa kyauta, ƴaƴan da ke tura kura da jarkoki tun asuba suka samu zuwa lekol kan lokaci. Daga baya injin ya lalace, har yau allon na nan, famfon a bushe. Duk sanda aka tada gardama kan alhakin kamfanoni ga al'umma, wurin nan nike tunawa.

Masu goyon baya suna cewa ai kamfani ba daga sama ya faɗo ba, hanyar da tireloli ke bi zuwa Dan Issa da kuɗin jama'a aka yi ta, ma'aikatanshi ƴan gari ne, masu sayen kayan ma mu ne, to don me riba za ta tafi gaba ɗaya a bar mu da ƙura. Kuma abin ba baƙo ba ne gare mu, alhazan Maraɗi sun daɗe suna gina masallatai da rabon hatsi da azumi, ga zakka ɗaya cikin arba'in. Indiya ma doka ta yi a 2013, manyan kamfanoni su kashe kashi 2 cikin ɗari na ribarsu kan irin wanga aiki. Shi kamfanin ma yana amfana, wanda gari ke so ba a yi mai tawaye.

Amma fa masu suka su ma ba shirme suke ba. Masanin tattalin arziki Milton Friedman ya rubuta a 1970 cewa aikin kamfani neman riba ne cikin bin doka, manajan da ke rabon kuɗi da sunan alheri kuɗin masu hannun jari yake rabawa, ba nashi ba. Wasu kuma suna cewa gina likita da lekol aikin gwamnati ne, ita muka zaɓa ita za mu tuhuma, kamfani kuwa wa za ka kai ƙara in famfo ya mutu? Sukar da ta fi tsaya min a rai ita ce ta rufe ido da kyauta, a raba buhun shinkafa gaban kamara alhali lebura bai ga albashi ba wata uku. Dubi Arlit, tun 1971 ake haƙo uraniyum, kamfanin haƙar uraniyum COMINAK ya rufe a 2021, mutanen Akokan, garin da ke gefen ma'adinar, suna nan da tulin sharar ma'adinan kusa da gidajensu.

Ni dai a ganina ruwan da muka sha shekara biyu gaskiya ne, ba zan raina ba wallahi. Sai dai lanho da albashi da gyaran ɓarnar da ka yi bashi ne, su ake fara biya kafin kyauta. Kuma da an zauna da mai unguwa da meri tun farko an tsaida wanda zai riƙa gyara, da jarkokin nan ba su koma kan kura ba.